Kabon monoksaid a garejin ƙarƙashin ƙasa: yadda ake awonsa da yadda fankoki ke bin awon

Kabon monoksaid, wanda ake rubutawa CO a allon na'urori, iska ce da ke fitowa daga salansar mota idan fetur bai gama ƙonewa ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Warin da ake ji a bayan mota da baƙin hayaƙin da ake gani na wasu abubuwa ne da ke fitowa tare da ita, kuma mota na iya fitar da CO mai yawa alhali salansarta ba ta nuna komai. A fili iska tana kwashe ta kafin ta taru. A wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa kuwa, inda kankare ya kewaye ko'ina kuma kafar da ke buɗe ɗaya ce ko biyu, babu inda za ta je sai an fitar da ita da fanka. Irin waɗannan garejin ƙasa suna nan a ƙarƙashin otal-otal da ofisoshi da manyan kantuna a Abuja da Legas, kuma duk alhajin da ya je Madina ya taka saman wani babba, wanda ke ƙarƙashin harabar Masallacin Annabi yana ɗaukar dubban motoci.

Illarta a jini take. Himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki, yana kama CO da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Ke nan ɗan kaɗan a cikin iska ya isa ya riƙa mamaye gurbin oksijin sannu a hankali. Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, wato dai abin da mutum zai ɗora wa zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar aiki. Idan abin ya yi nisa sai ruɗewa, sai suma. Fitarta daga jini ma ba ta da sauri: a iskar waje, sai an yi wajen awa huɗu zuwa biyar kafin rabin abin da ya shiga ya fita. Wannan ne ya sa wanda ya fi shiga haɗari a gareji ba mai motar da ya yi minti biyar ya hau sama ba ne. Mai gadi ne, da mai karɓar kuɗin fakin, da yaron wankin mota, da direban da ke zaman jiran maigida, waɗanda ke wuni a ciki kullum, jininsu na tara abin da bai gama fita ba tun safe.

Iyakokin da ake aiki da su

Ana awon CO da ppm, wato kashi nawa ne cikin kashi miliyan na iska. Ƙa'idar gine-gine ta Ingila, wadda injiniyoyi a Najeriya ke yawan dubawa, ta sa iyaka biyu ga garejin motoci: matsakaicin awo kada ya wuce ppm 30 a tsawon awa takwas, kuma a wuraren cunkoso kamar gangarar fita kada ya wuce ppm 90 na fiye da minti 15. Iyaka biyu aka sa saboda hanyar cutarwa biyu ce, ƙaramin awo na dogon lokaci da babban awo na gajeren lokaci. Ƙa'idar Turai ta na'urorin awon gas a gareji da ramukan mota, EN 50545-1, ta tsara matakan faɗakarwa uku ga CO, a ppm 30 da 60 da 150. Daga waɗannan lambobi ake gina dokar da fankoki za su bi.

Ita dai ƙa'idar ta Ingila ta faɗi yawan iskar da za a iya fitarwa. Garejin da ya dogara da fanka kaɗai dole ya iya sauya ilahirin iskarsa sau shida a awa, sau goma kuma a inda motoci ke yin layi da inji a kunne. A Amurka ana lissafin ne da faɗin daɓe, kusan lita 3.8 a daƙiƙa ga kowane murabba'in mita. Hanyar lissafi ta bambanta, amma girman fankar da ake samu a ƙarshe bai cika nisa da juna ba.

Lissafin gareji ɗaya

A ɗauki wani gareji a ƙarƙashin ginin da ke da ofisoshi da ɗakin taron biki. Tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 50, daga daɓe zuwa rufi mita 3, yana ɗaukar motoci wajen 100. Faɗin daɓensa murabba'in mita 3,000 ke nan, iskar da ke cikinsa kuma kubik mita 9,000. Sauya ta sau shida a awa yana nufin fitar da kubik mita 54,000 a awa, sau goma kuma 90,000.

Sai a ƙaddara cewa kowace motar da aka tayar da injinta a sanyaye tana fitar da giram 4 na CO a minti. Wannan ƙiyasi ne don lissafi, domin sabuwar mota mai ɗumin inji ba ta kai haka ba, tsohuwa mai lalataccen saiti kuma tana wucewa. An tashi daga biki, motoci goma suna kunne a kowane lokaci, wasu na fita wasu na tayarwa. Giram 40 ke nan a minti. Idan babu fankar da ke aiki, wannan zai ƙara kusan ppm 4 ga iskar garejin duk minti. Cikin minti takwas an haura 30, kafin rabin awa an haura 100. Kuma wannan lissafi ya ɗauka cewa hayaƙin ya bazu daidai ko'ina, alhali a zahiri layin da ke bakin gangara zai ninka haka tun sauran kusurwoyi ba su ji komai ba.

Idan fankoki na aiki, awon yana hawa har ya tsaya a inda abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ake fitarwa. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba nauyin CO da ake fitarwa a awa da yawan iskar da fanka ke ja a awa, sannan a tuna cewa ppm ɗaya ya kai kusan miligiram 1.15 a kubik mita. Da motoci goma da sauyin iska sau shida, awon zai tsaya wajen ppm 39. Da sau goma zai sauko wajen 23. Da sau uku kacal zai kai wajen 77. Amma da rana tsaka, lokacin da motoci biyu ne kawai ke motsi, wannan sauyi sau uku ya isa ya riƙe awon a wajen ppm 15.

Abin da waɗannan lambobi ke nunawa shi ne buƙatar iska a gareji ba ɗaya ba ce a tsawon yini. Tana yin sama na ɗan lokaci da safe, da lokacin tashi aiki, da bayan taro, sauran awannin kuma wurin shiru yake. Fankar da aka bari a gudu ɗaya dare da rana, ko dai ta gaza a lokacin cunkoso ko ta riƙa cin wuta a banza sauran yinin. Shi ya sa ake ɗaure gudunta da awon CO.

Akwai wata doka ta fanka da ke ƙara wa wannan nauyi. Iskar da fanka ke ja tana bin gudunta kai tsaye, amma wutar da take ci tana bin gudun ne a ninke sau uku. Rage gudu zuwa rabi yana rage iska zuwa rabi, wuta kuma zuwa kashi ɗaya cikin takwas. A ce garejin nan yana da manyan fankoki biyu masu cin kilowat 30 a haɗe idan suna cikakken gudu. A kashi 60 cikin ɗari na gudun, wanda shi ke ba da sauyi sau shida, za su ci wajen kilowat 6.5. A kashi 30 cikin ɗari za su ci wajen kilowat ɗaya. Barin su a sauyi sau shida awa 24 zai ci wajen yunit 156 a rana. Idan kuwa awa uku kawai suka yi a wannan gudu, sauran 21 a ƙaramin gudu, abin zai tsaya wajen yunit 40. Ga ginin da rabin wutarsa daga janareton dizal take, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Kuma yana da nasaba da lafiya kai tsaye, domin fankar da ke cin kuɗi da yawa ita ce wadda manajan gini ke sa a kashe.

Hanyar da iska ke bi

Fanka mai girma ba ta wadatar idan iskar ba ta ratsa wurin ba. Dole a sami mashiga da mafita, kuma su kasance nesa da juna. Yawanci sabuwar iska tana shigowa ta gangarar motoci ko ta wani rami na musamman, manyan fankoki kuma suna zuƙe gurɓatacciya ta ɗaya ƙarshen su fitar da ita sama. Idan mazuƙar tana kusa da gangara, iskar waje za ta shigo ta fice nan take, fanka na ta ruri, can ƙuryar gareji kuma ko takarda ba ta motsi.

Hanya biyu ake bi a kai iska ƙurya. Tsohuwar hanya ita ce shimfiɗa bututan kwano a ƙarƙashin rufi, da bakuna wasu a sama wasu kusa da daɓe. Sabuwar kuma ita ce rataye ƙananan fankokin turi a rufi, kowace tana harba iska gaba ta miƙa wa ta gabanta har a isa mazuƙa. Fankokin turi ba sa fitar da komai waje da kansu, aikinsu tura iska da gauraya ta ne kawai. Suna rage cin sararin rufi, amma suna da sharaɗi: idan aka kafa ɗaya tana fuskantar katangar kankare ko allon talla da ke 'yan mitoci gabanta, iskar za ta bugi abin ta dawo, a sami wurin da hayaƙi ke kewayawa a waje ɗaya.

Abu biyu kuma ake kula da su a gefen gareji. Na farko, a riƙa zuƙe iska fiye da yadda ake turowa, don ƙarfin iskar gareji ya ɗan gaza na matakala da ɗakin jiran lif. Ta haka idan an buɗe ƙofa, iskar gini ce za ta faɗo gareji, hayaƙi ba zai hau ofisoshi ba. Na biyu, bakin da ke fitar da gurɓatacciyar iska a sama ya yi nesa da tagogi da mashigar iskar na'urar sanyaya gini, ya kuma yi nesa da mashigar garejin kansa.

Sensa da inda ake kafa ta

Na'urar da ke awon CO, wadda ma'aikata ke kira sensa, ɗan akwati ce kamar tafin hannu. A cikinta akwai wani ɗan ƙoƙo mai ruwan sinadari da ƙarafa. Idan CO ya ratsa tacin da ke bakinta ya taɓa ƙarfen, sai a sami 'yar wutar lantarki daidai gwargwadon yawansa. Na gareji yawanci suna auna daga sifili zuwa ppm 300.

Akwai kuskuren da ya yaɗu cewa CO iska ce mai nauyi da ke kwanciya a ƙasa, wasu kuma su ce sama take tashi. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da ake shaƙa, 28 ne a kan kusan 29, don haka gauraya take yi. Saboda wannan ake kafa sensa a tsayin numfashin mutum, wajen mita ɗaya da rabi daga daɓe, galibi a jikin ginshiƙi. Masu ƙera na'urorin sukan ba kowace da'ira mai nisan wajen mita 15. A garejin misalin nan, idan aka ba kowace murabba'in mita 500, za a sami shida a fili. A ƙara ɗaya a gindin gangara inda ake layi, ɗaya kuma a ɗakin mai karɓar kuɗi, sun zama takwas. Wannan ta takwas ita ce aka fi mantawa, kuma ita ce ke tsaron mutumin da ya fi kowa daɗewa a wurin.

Inda ba a kafa ta ma yana da muhimmanci. Sensar da ke bakin mashigar sabuwar iska kullum lafiya za ta nuna. Wadda ke daidai saitin salansar motar da ke fakin da baya za ta riƙa zabura duk lokacin da aka tayar da wannan mota ɗaya. Wadda ke bayan ƙofa ko cikin lungun da iska ba ta shiga za ta makara. Sannan sensar CO ba ta ganin komai sai CO. Injin dizal ba ya fitar da CO da yawa, nasa matsalar wata iska ce, NO2, mai ƙona huhu, don haka garejin da bas-bas da motocin kaya ke shiga yana buƙatar sensar wannan daban. Haka motocin da aka mayar masu amfani da gas: yoyon gas ɗin CNG sama yake tashi, na gas ɗin girki ƙasa yake kwanciya, kuma sensar CO ba ta san da ko ɗaya ba.

Dokar da fankoki ke bi

Duk sensoshin suna aika awonsu ga akwatin sarrafawa, shi kuma ya umarci na'urar da ke rage ko ƙara gudun moto, wadda ake rubutawa VFD. Ga tsarin da zai dace da garejin misalin. Muddin awo yana ƙasa da ppm 30, manyan fankoki suna tafiya a ƙaramin gudu, sauyi sau uku a awa. Ba a kashe su gaba ɗaya a lokutan da mutane ke ciki, domin akwai tururin fetur da zafi da laima da sensa ba ta aunawa, kuma sai iska na motsi hayaƙi ke isa ga sensa da wuri. Da awo ya kai 30, sai fankokin turi na wannan yanki su tashi, manyan fankoki su hau sauyi sau shida. Da ya kai 60, komai ya hau cikakken gudu. Idan duk da haka ya kai 150, sai jiniya da fitilar gargaɗi su kama, allo ya umarci direbobi su kashe inji, a rufe shingen shiga, a fitar da mutane.

Ana bin sensar da ta fi kowace awo a yanki, ba matsakaicin dukkansu ba. Dalilin a lissafi yake. A ce bakwai suna nuna ppm 5, ta gindin gangara kuma tana nuna 120. Matsakaicin takwas ɗin bai kai 20 ba, akwati zai ga komai lafiya, alhali mai karɓar tikiti yana tsaye cikin 120.

Sai kuma batun lokaci. Motar da ta wuce ta gaban sensa tana iya ɗaga awo na 'yan daƙiƙu, kuma ba a so manyan fankoki su riƙa tashi da sauka a kan wannan. Don haka matakai biyu na farko ana ɗora su ne a kan matsakaicin awo na 'yan mintuna, matakin ƙarshe kuma a kan ɗan gajeren lokaci, tunda a nan jinkiri ba shi da amfani. Wajen saukowa ma ba a amfani da lambar da aka hau da ita. Idan an hau a 30, sai awo ya faɗi ƙasa da 20 ake sauka, in ba haka ba fanka za ta riƙa hawa da sauka a bakin lamba ɗaya har moto ya gaji. Ana kuma ƙara mata wa'adin ci gaba da gudu bayan awo ya faɗi. A sauyi sau shida a awa, bayan motoci sun daina fitar da hayaƙi, awon yana raguwa da rabi duk minti bakwai, wato daga 60 zuwa 15 sai an yi kusan minti 14. Daga nan aka samo wa'adin kwata na awa da ake yawan sawa, don lungunan da ke nesa da sensa su ma su wanke.

A ginin da aka san lokacin cunkosonsa, kamar tashi daga aiki ko fitowa daga sallar Juma'a, yana da kyau a haɗa da agogo: a ɗaga gudu minti goma kafin lokacin, maimakon a jira awo ya hau sannan a bi shi a baya.

Gobara tana sama da duk wannan doka. Da na'urar gano gobara ta kama, umarnin CO ya faɗi, fankoki su koma aikin fitar da hayaƙin wuta. A ƙa'idar Ingila wannan sauyi sau goma ne a awa, da fankokin da za su jure zafin digiri 300 na awa ɗaya, kuma a raba su gida biyu don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe rabin aikin. Galibi ana ɗan jinkirta fankokin turi a farkon gobara, don kada su dama hayaƙin da ke kwance a rufi su sauko da shi kan masu gudu.

Inda tsarin ke lalacewa

Babban aibin sensar CO shi ne idan ta mutu, sifili take nunawa, kuma sifili shi ne lambar da kowa ke son gani. Ƙoƙon sinadarin yana tsufa cikin 'yan shekaru, amsarsa na raguwa a hankali har ta ƙare, allo kuma bai daina nuna alamar lafiya ba. Garejin da motoci ke shiga da fita amma awonsa bai taɓa motsawa daga 0 ba na mako guda, abin zargi ne. Sensa mai rai tana nuna hawa da sauka a kullum, tudu da safe, tudu da yamma.

Wayar da ke kai awo ga akwati an tsara ta don ta tona irin nata lalacewar. A tsarin 4–20 mA, miliamfiya 4 na nufin ppm sifili, 20 na nufin 300, ppm 30 kuma 5.6 ne. Idan akwati ya ga babu wuta sam, ya san waya ce ta tsinke, ba iska ce ta yi tsabta ba. Dokar da ta dace a nan ita ce duk sensar da ta ɓace, a ɗauki yankinta a matsayin gurɓatacce, a ɗaga fanka, a kunna alamar matsala. Amma wannan dabara tana kama tsinkewar waya ne kawai, ba ta kama ƙoƙon da ya tsufa.

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara nasa. Yawancin waɗannan sensoshi an ƙera su don laimar iska daga kashi 15 zuwa 90 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram laima tana faɗuwa ƙasa da haka, ruwan sinadarin ya riƙa bushewa, ƙura kuma ta toshe tacin bakin na'urar. Fenti ma yana toshe shi, idan masu fentin ginshiƙai suka bi ta kai. A ɗaya ɓangaren, sensar CO tana amsa wa iskar haidurojin da baturan inbata ke fitarwa lokacin caji, sai ta riƙa ƙarar ƙarya idan ɗakin batura yana kusa. Ƙarar ƙarya tana da nata haɗarin, domin bayan kwana kaɗan wani zai cire wayar jiniyar.

Motocin kansu ba irin waɗanda ƙa'idojin Turai suka ƙaddara ba ne. A salansar motar zamani akwai wani tace mai kama da saƙar zuma, wanda makanikai ke kira indomi, da ke ƙone yawancin CO kafin ya fito. Ba ya fara aiki sai ya ɗauki zafin digiri 250 zuwa 300, shi ya sa motar da aka tayar yanzu ta fi wadda ta shigo daga tafiya hayaƙi, kuma fita daga gareji ta fi shiga gurɓata iska. A Najeriya ana yawan cire shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, motar da aka cire wa kuma ko ta yi zafi ba ta daina fitar da CO. Ga kuma al'adar direba ya zauna a mota da inji a kunne don sanyin na'ura. Mota ɗaya da ta yi awa biyu a haka a ƙurya ta fi motoci da yawa masu wucewa illa. Mafi muni shi ne ƙaramin janareton fetur da wani mai shago zai sauko da shi gareji saboda ƙara ko ruwan sama: guda ɗaya yana fitar da CO da ya kai na ɗaruruwan motocin zamani, kuma babu lissafin fanka da aka yi da shi.

Ɗauke wuta ma yana buɗe ƙofofi da dama. Idan ba a ɗora fankoki da akwatin sarrafawa a layin janareton gini ba, gareji yana zama ba iska a daidai lokacin da motoci ke ci gaba da shiga. Idan ba a saita VFD ya tashi da kansa bayan wuta ta dawo ba, zai zauna yana jiran a danna masa maɓalli. Fankar da ke haɗe kai tsaye da layin wuta mai waya uku kuma tana juyawa da baya idan aka musanya wayoyi biyu wajen gyara, ta ci gaba da ƙara kamar kullum alhali ba ta jan iskar kirki. Sannan akwai makunnin da ke gaban akwati mai matsayi uku, HAND, OFF da AUTO. In ba a AUTO yake ba, duk abin da sensa ta faɗa ba ya kai wa ga fanka.

Yadda ake gwadawa

Gwajin gaskiya ɗaya ne, a ba sensa gas ɗin da aka san awonsa. Ma'aikaci yana zuwa da 'yar tukunyar gas mai ɗauke da, misali, ppm 100 na CO, da wata ta iska mai tsabta. Ya sa hula a bakin sensa, ya fara da mai tsabta ya ga ta nuna sifili, sannan ya buɗe ta CO. Cikin minti ɗaya zuwa biyu ya kamata awo ya kai kusa da 100. Idan ya tsaya a 80, a gyara saitin. Idan ya tsaya a 40 ko yana jan ƙafa, ƙoƙon ya ƙare, a sauya shi. Kara sensa a bakin salansa ba gwaji ba ne, domin ba a san awon abin da aka ba ta ba, kuma zafi da laima da yawan gas ɗin suna iya lalata ta. Masu ƙera na'urorin sukan ce a yi wannan duk wata shida zuwa shekara. A inda hunturu ke da ƙarfi, ya fi dacewa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya faɗo bayan wucewarsa.

Ba a tsayawa a allon sensa. Yayin da gas ke shiga, mutum na biyu yana gaban akwati yana duba ko lambar da ta iso ita ce wadda sensa ta nuna, kuma da sunan yankin da ya dace, domin musanya wayoyin sensa biyu yana sa fankar gabas ta tashi saboda hayaƙin yamma. Na uku yana wajen fankoki yana tabbatar da cewa sun hau gudu a 30 da 60, jiniya ta kama idan aka kai matakin ƙarshe, ƙyauren bututu ya buɗe. Sai a cire wayar sensa ɗaya a ga ko fanka ta ɗaga da kanta. Sai a auna gudun iska a bakin mazuƙa da na'urar awon iska, a ninka da faɗin bakin, a kwatanta da kubik mita 15 a daƙiƙa da sauyi sau shida ke buƙata a garejin misalin. Daga ƙarshe a saki hayaƙin gwaji mara guba a ƙuryoyi a bi shi da ido: inda ya tsaya yana lilo, nan ne iska ba ta kaiwa, kuma nan ake karkata fankar turi ko a ƙara sensa. Ana rubuta ranar gwaji da awon da aka samu da ranar sauya ƙoƙo a takardar da ke manne a jikin kowace sensa, sannan a maimaita gwajin fankoki sau ɗaya a kan wutar janareto.